Kwasar Mai Ƙulin Kurfi

Shekarun da na yi ina sayar da kayan miya a kan tebur, a bakin titin da ɗaliban jami'a ke bi a Dutsin-Ma, ba su kashe ni ba, amma sun ci mini baya da ƙafafu. Kullum da safe in loda tiyoyin wake da shinkafa da kwalaben mai a baro, in turo su daga gida, da magariba in sake lodawa in mayar. Idan hadari ya taso kuwa, ka gan ni ina guje-guje da leda kamar kazar da aka taɓa wa 'ya'ya, gishiri na narkewa, ɗalibai na tsaye ƙarƙashin rumfa suna yi mini sannu. Sannu ba ta taɓa busar da gishiri ba.

Teburina yana jingine da bangon shagon wani tsohon tela. Shagon ba wani babba ba ne, amma yana da rufin kwano da ba ya yoyo, da ƙofar ƙarfe, da daɓen siminti. Na daɗe ina kallonsa ta wutsiyar ido. Ko maigidana ban taɓa gaya wa ina sonsa ba, don na san abin da zai ce. Malamin makarantar firamare ne, mutumin kirki, sai dai duk abin da ya wuce albashi tsoro yake ba shi.

Abin da ya riƙe ni a waɗannan shekaru adashi ne. Uwar adashinmu wata Hajiya ce mai sayar da atamfa a kasuwar Laraba, doguwa, mai ƙaramar murya, wadda ban taɓa ganin ta yi sauri ba. Hannu ashirin ne a adashin. Kowace Laraba bayan la'asar, lokacin da kasuwa ta gama ba kowa abin da za ta ba shi, sai mu taru a rumfarta a kan tabarma, kowane hannu ya zuba dubu goma. A ƙirga a gaban kowa, dubu ɗari biyu cif, a miƙa wa mai kwasar ranar. Haka za a yi ta yi har kowane hannu ya kwasa, zagaye ya ƙare, a huta 'yan makonni, a sake sabo. Sau biyu muke yi a shekara, zagayen kaka da zagayen rani. Kwasar farko ta Hajiya ce, wannan ne ladan wahalarta, kuma duk wadda ta kwasa takan zare ɗan abin goro ta ajiye mata a gefen tabarma. Nauyinta kuwa ba ƙarami ba ne: idan wata ta kasa zubi, Hajiya ce za ta cike daga aljihunta, don mai kwasa ba ta tafiya gida da kuɗi a gutsure.

Hajiya ba ta kiran kowa da suna a wurin zubi, da sana'a take kira. Mai waina, mai manja, mai daddawa, mai ƙuli. Ni mai tebur ce. Da rabin hannu na fara, ni da wata mai kunu muna haɗa dubu biyar-biyar, ranar kwasa mu raba biyu. Da wannan rabin na sayi baro, na daina aron na maƙwabta, da shi na fara sarin shinkafa da buhu maimakon tiya-tiya. A zagayen kakar da nake ba da labari ne na fara ɗaukar cikakken hannu. Ƙa'idar Hajiya kuwa ba ta lanƙwasa: tsofaffin hannaye su ke zaɓar makonnin da suka dace da sana'arsu, sabon hannu ya tafi wutsiya. Dalili a fili yake. Wadda ta kwasa da wuri bashin sauran take ci, wadda ta kwasa a ƙarshe ajiya ta yi. Ba a ba baƙon hannu bashi sai an ga yadda yake zubi. Saboda haka aka ba ni kwasar ƙarshe, ta ashirin, na karɓa da murna, don a lokacin ba abin da ke kora ta.

Muna cikin makonnin farko sai tela ya kira ni wata safiya, yana naɗe wayar injinsa. Ya ce idanunsa sun gaji da zare, ɗansa zai mayar da shi gida Dabawa, ƙarshen wata zai saki shagon. Ya ce ya gaya wa mai gidan cewa akwai maƙwabciyarsa, amma wani mai cajin waya ma ya yi magana. Na ce masa Allah ya ba da lafiya, Baba, na koma kan kujerata, na auna wa wata ɗaliba wake har ya zube ban sani ba.

Da yamma na je wurin mai gidan, wani Alhaji mai sayar da taki. Bai ja ni da nisa ba. Kuɗin shekara dubu ɗari da talatin, a dunƙule, kafin wata ya mutu. Wanda ya fara kawowa shi ke da makulli. Idan mai cajin waya ya shiga kuwa, ba shagon kaɗai na rasa ba, har bangon da teburina ke jingine, don janareto zai ajiye a wurin.

Na lissafa, na sake lissafawa. Abin da ke hannuna jari ne, idan na taɓa shi in shiga shago in sayar da iska. Kwasata tana can bayan wata uku da wani abu. Laraba ɗaya ce ta dace da ni, ta bakwai, wadda za ta faɗo kafin wa'adin Alhaji.

Na sami Hajiya a gida tana gyaran zogale. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗago ba.

"Musanya dai halas ce," in ji ta. "Amma ni ba ni ƙwace ma kowa layi. Mai ta bakwai za ki nema, in ta yarda ku zo gabana ku biyu. Kuma ke sabon hannu ce, sai da mai tsaya maki."

"Hajiya, wa ke da ta bakwai?"

Sai a lokacin ta ɗago, har da ɗan murmushi. "Mai ƙuli."

Mai ƙuli wata dattijuwa ce daga Kurfi, gajera, mai ƙarfin hannu, da ke shigo bas duk Laraba da jarkokin man gyaɗa da buhunan ƙuli-ƙuli. Ina sarin kayanta, kuma tunda na san ta ba mu taɓa rabuwa ba tare da ta tsokane ni ba. A wurinta mu mutanen Dutsin-Ma ba mu iya komai ba sai tsawwala wa ɗalibai, ni kuma nakan ce mata ƙulin Kurfi sai mai haƙoran aro. Wasa ne, amma wasa daban, roƙo daban. Kuma kowa ya san shekara da shekaru ba ta taɓa sakin kwasar kaka ba.

Maigidana ya ce in haƙura, Allah zai kawo wani shagon. Na ce masa Allah ya riga ya kawo, ga shi nan bango ɗaya da ni. Washegari na ɗaure teburina, na sayi lemo da goro, na hau bas zuwa Kurfi.

Tun daga bakin lungu ƙamshin suyar gyaɗa ya nuna mini gidan. Na same ta a tsakar gida, zane ɗaure a ƙirji, tana murza tunkuza a turmi, mai yana tsattsafowa, 'yan matan gidan suna mulmula ƙuli a faranti. Ta dube ni, ta dubi ledar lemo.

"Yau mi ya ƙone a Dutsin-Ma? Ke da lemo? Halan mutuwa za ni yi ba a hwaɗa mani ba."

"Inna, gaisuwa na zo."

"Ƙarya kike, ɗiyar nan. Zamna ki hwaɗi."

Na zauna na faɗa. Ba ta daina murza ba sai da na kai ƙarshe. Sannan ta goge hannu, ta ja ni zuwa wani ɗaki, ta tura ƙofa. Babu komai a ciki sai katakan da ake jera buhu a kai, an share tas.

"Kin ga ɗakin ga? Shi ka ci da gidan ga. Yanzu gyaɗa ta shigo, tana da araha. Kwasata duka nan take tahiya, in cika shi, in yi ta ci har bazara. In na jira ta ashirin, gyaɗa ta hau, man da zan matsa bai maida kuɗinshi. In ba ki layina, mi zan ba yaran ga?"

Gaskiya ta faɗa, kuma na sani. Cikin ruɗewa na ce to in ta yarda, ranar kwasarta zan ɗora mata wani abu daga aljihuna. Nan take fuskarta ta canza.

"Kul! Kada ki sake. Kuɗin adashi ba a ɗora mashi ko kwabo. So kike ki sa ni cin riba da tsuhwana?"

Na ba ta haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ta cika mini leda da ƙuli mai zafi, ta raka ni bakin titi, ta ce in gaida ɗalibaina marasa haƙora. A cikin bas na yi ta tauna ƙulin ina hawaye, wani dattijo kusa da ni ya ce, "Baiwar Allah, in yajin ya yi yawa ki bari mana."

Muna gab da shiga gari, wata motar ɗaukar kaya ta wuce mu shaƙe da buhuna, sai tunanin ya faɗo mini. Matar nan ba kuɗi take nema ba, gyaɗa take nema. Ni kuwa ina da wa a Karofi, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya noma gyaɗa a shekarar har ta ba shi mamaki. Ban ko shiga gida ba, na tsayar da ɗan acaba.

Na sami Yaya a gindin bishiyar bedi yana gyaran buhu. Na zayyana masa: ya ba mai ƙuli gyaɗar dubu ɗari biyu yanzu, a farashin yau, a yanke magana a gaban shaidu, ranar kwasa ta ashirin a damƙa masa kuɗinsa a dunƙule. Ya cire hula ya sosa kai.

"To ke autar Inna, ni mi na ci? In na aje ta zuwa rani ai sai ta ƙara kuɗi."

"Yaya, tsakaninka da Allah, wace shekara ka taɓa ajiye ta har rani?"

Matarsa da ke tankaɗe a bakin ƙofa ta fashe da dariya. Duk shekara Yaya sai ya rantse zai ajiye, duk shekara kuma buhunan sai su bi suna da biki da mai zuwa da kuka, tiya-tiya, lokacin sayen taki ya zo ya rasa na buhu ɗaya. Na ce masa wannan karon kuɗin zai zo masa gaba ɗaya, ya sayi takinsa tun kafin ya yi tsada, kuma duk mai zuwa roƙo ya nuna masa ɗaki wayam.

"Wato kin sa ni adashin mata ban sani ba," in ji shi. Ya nuna ni da allurar buhu. "Na yarda. Amma ba matar Kurfi na ba, ke na ba."

Larabar da ta biyo muka tsaya gaban Hajiya mu uku. Mai ƙuli ta riga ta je Karofi da kanta, ta zura hannu cikin buhunan har gwiwar hannu, ta ɓare, ta tauna, ta ce ba laifi, wanda a bakinta babban yabo ne. Aka yanke farashi da yawan tiyoyi a gaban matan adashi duka. Hajiya ta ɗaga murya kaɗan ta ce kowa ya shaida, ta bakwai ta koma hannun mai tebur, ta ashirin ta koma hannun mai ƙuli. Sannan ta tambaya wa zai tsaya mini, wato wanda za a kama idan na kwashe na gudu. Kafin in buɗe baki mai ƙuli ta ce, "Ni. Ina za ta? Ƙahwahunta ma ba su kai ta tasha." Aka yi dariya.

Ranar kwasa na zo da jakar da na ɗinka musamman. Hajiya ta ƙirga a fili, mai waina ta sake ƙirgawa, har da na mata biyu da suka turo nasu ta waya aka ciro a wurin mai POS. Aka ɗora mini dubu ɗari biyu a tafin hannu. Na zuba nawa zubin a ciki kamar kowa, don mai kwasa ma tana zubi ranar kwasarta. Na ajiye wa Hajiya na goro, mai waina ta rangaɗa guɗa, ban tsaya an gama ba na kama hanyar shagon Alhaji. Ya ƙirga, ya miƙo makulli ɗaure da zare, ya ce mai cajin waya ya ce gobe zai zo. Na ce Allah ya ba shi wani wurin mai albarka, kuma har zuciyata na faɗa, don a ranar ba wanda ba zan iya yi wa addu'a ba.

Ragowar kuɗin na raba uku. Kafinta ya buga mini kanta hawa huɗu, na sayi kwaɗo mai kyau, sauran na zuba a kaya: taliya da katan, sabulu, madara, sukari, man gyaɗa jarka guda, abubuwan da ɗalibai ke tambaya kullum ina cewa babu. Maigidana, wanda ya ce in haƙura, shi ya zo da fenti ya shafe bangon da hannunsa, yana gaya wa masu wucewa, "Shagonmu ne." Na bar shi, ai bangon ya yi kyau. Teburin nan nawa na shigar da shi ciki, na ɗora tiyoyi a kai. A makonnin farko ciniki ya ninka, har na fara ba amintattun ɗalibai kaya zuwa ƙarshen wata. Larabar da Hajiya ta kira "mai shago", sai da mai daddawa ta zungure ni na gane da ni ake.

Akwai abin da duk 'yar adashi ta sani amma ba ta gane shi sai ya same ta. Zubi kafin kwasa daɗi gare shi, kana zubawa kana hango naka. Zubi bayan kwasa kuwa nauyi ne, ka riga ka cinye, saura biya. Ni saura zubi goma sha uku a kaina. Na fara su da sauƙi, har ina taƙama. Sai jami'a ta gama jarrabawa ta ba da hutu.

Lokacin da nake kan tebur hutu bai taɓa tsorata ni ba, rabin hannu ne, dubu biyar ko ta yaya na haɗa. Yanzu dubu goma ce, ga kuɗina kwance a taliya da madarar da 'yan unguwa ba su cika saye ba, ga waɗanda na ba bashi sun tafi garuruwansu da alkawarin sai sun dawo. Titin ya yi tsit, awaki suka gaje shi. Ina buɗe shago in share, in zauna in kori ƙuda. Zubin farko na hutu na biya daga ciniki. Na biyu na biya daga kuɗin sari, wato abin da ya ƙare a kanta ban mayar ba. Haka na yi ta yi, kanta tana ramewa daga sama zuwa ƙasa, ina jera gwangwanaye a gaba-gaba don kada a ga bayan babu komai. Albashin maigida ya tafi a kuɗin makarantar yara da hatsi, ban ko tambaye shi ba.

Ranar Talatar da ta rage kwana ɗaya a yi kwasa ta ashirin, na juye gwangwanin ciniki a kan tebur. Dubu uku da 'yan canji. Na san Hajiya za ta cike, mai ƙuli za ta karɓi kuɗinta cif, Yaya ma haka. Amma na san ɗaya ƙa'idar. Wadda aka cike wa bayan ta kwasa, rabin hannu take komawa, can wutsiya, kuma ba mai sake musanya da ita. Ba mugunta ba ce, haka ake tsare kuɗin mutane. Kuɗin hayar baɗi kuwa ba inda zai fito sai kwasar kaka. Idan na faɗi gobe, shekara ɗaya zan yi a shagon nan in koma turin baro. Ga kuma matar da ta miƙe a gaban mutane ta ce ita ta tsaya mini.

Na kulle shago da azahar na tafi gidan Hajiya, don na fi son ta ji daga bakina. Na durƙusa na fara, "Hajiya, gobe ina jin ba zan..."

Ta ɗaga hannu. "Yau wace rana?"

"Talata."

"Zubi yaushe ne?"

"Gobe bayan la'asar."

"To ni ban ji komi ba. Tashi ki tahi ki buɗe shagonki, kuma gobe kada ki shigo kasuwa da sahe. Mai shago a shago aka san ta."

Na fito raina a ɓace. A hanya har ina cewa a zuci, masu atamfa ba su san zafin talaka ba.

Ranar Laraba unguwarmu ta fi kowace rana mutuwa, don kowa yana kasuwa. Na buɗe dai, na zauna. Da hantsi sai ga mai waina a kan acaba. Ta ce shinkafar tuwo take so tiya ɗaya, ta kasuwa duk tsakuwa ce. Na auna mata, na ji daɗi, ban kawo komai ba. Ba ta daɗe da tafiya ba mai daddawa ta iso, wai jikokinta sun dame ta da taliya. Bayanta mai kunu, abokiyar rabin hannuna ta da, ta sayi sukari da sabulu biyu. Na ce a raina yau kuma wace irin rana ce.

Sai mai manja ta sauka daga keke. Matar da ke da durom-durom na manja a kasuwa, wadda ni kaina a wurinta nake sari. Ta tsaya tana kallon kanta, ta rasa abin da za ta saya, can ta nuna kwalba.

"Ba ni manja kwalba guda."

Na dube ta. Ta kau da kai tana gyara mayafi.

"Mai manja, manja?"

"To haramun ne? Na gida ya ƙare. Ki ba ni ina sauri."

Na miƙa mata. Tun daga nan na daina ganin fuskokinsu sosai, don idona ya cika. Suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, ba mai haɗuwa da wata, ba mai ambaton adashi. Kowacce ta bar rumfarta ranar kasuwa, ta biya kuɗin abin hawa, ta zo ta sayi ashana ko madara ko gishiri, ta karɓi canjinta daidai. Da na ce wa ɗaya ta bar canjin naira hamsin da ban da shi sai anjima, ta ce a'a, in ba ta magi.

Mai ƙuli ce ta ƙarshe, ana gab da kiran la'asar. Ta shigo tana haki, ta zauna a kan bencina ba a ba ta ba, ta ɗauki ƙullin ƙuli-ƙuli daga cikin roba, wanda ta soya da hannunta ta sayar mini makon jiya. Ta juya shi, ta shinshina.

"Wanga nawa?"

"Inna, don Allah..."

"Tambaya na yi. Nawa?"

Na faɗa mata. Ta riƙe baki. "Kai, mutanen Dutsin-Ma ba ku tsoron Allah! Wanga abu mai kamar dutse? Wace marar imani ta soya shi?"

Dariya da kuka suka haɗe mini, na zauna a ƙasa. Ita kuwa ko gezau, ta yi ta ciniki da gaske, sai da na rage mata naira ashirin, sannan ta sayi ƙulli goma ta zuba a jaka. Ta ce in tashi in wanke fuska, ba za ta shiga kasuwa da ni ina kamar wadda aka yi wa rasuwa ba.

Na juye gwangwani. Dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu.

Keke ɗaya muka shiga ni da ita. A rumfar Hajiya kowa ya zauna a inda ya saba, ana hirar tsadar barkono kamar ba abin da ya faru. Da aka kira mai shago na miƙa nawa. Takardun duk sun yi laushi, wata da jan manja a gefe, wata tana ƙamshin daddawa. Hajiya ta ƙirga su ɗaya-ɗaya, ta ɗora a kan sauran, ta ce, "Ya cika." Mai waina ta sake ƙirga duka, dubu ɗari biyu, aka miƙa wa mai ƙuli, ita kuma ta zare na goro daga lalitarta, ba daga ciki ba, ta ajiye wa Hajiya, kuɗin kwasar kuma ta miƙa wa Yaya da ke tsaye a waje da hularsa sabuwa. Ya tafi wurin masu taki ko zama bai yi ba.

Da mutane suka fara tashi na matsa kusa da Hajiya, na rage murya, na ce ban san da wane baki zan gode ba.

"Godiyar mi? Kin kasa kaya, an saya, kin yi zubi. Ni abin da na gani ke nan." Ta ci gaba da ninke atamfa. Can ta ce, da ƙarfin da duk rumfar za ta ji, "Mai shago, zagayen kaka in Allah ya kai mu, ta bakwai ta mai ƙuli ce, kada ki sake tahiya Kurfi da lemo. Ta shida taki ce. Ta yi maki daidai da hayar?"

Na ce ta yi. Mai manja ta wuce ta gabana da kwalbarta a hammata, ta ce in matsa mata hanya, magariba ta kusa.